Yadda ake bin sawun damina daga tsakar gida a Damagaram

Na yi shekaru ina wannan aiki da ɗalibaina a nan Damagaram, kuma duk shekara sai wani ya yi mini tambaya guda: Malam, in rana ce take kawo ruwa, don me watan Afrilu da rana take tsaye a kanmu ba a samun ko ɗigo, sai zafin da yake wuce digiri 40? Ana iya amsawa a kan allo, amma na lura yaro ba ya riƙewa sai ya auna da hannunsa. Abubuwa uku ne suke biyo juna kowace shekara, rana ta fara zuwa, iska ta biyo ta, ruwa ya zo daga baya, kuma tsakanin kowane da na bayansa akwai makonni. Duka ukun za ka iya kama zuwansu a tsakar gidanka.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka fara ba shi da yawa. Iska biyu ne suke rabon sararin Afirka ta Yamma. Ɗaya busasshiya ce, daga Sahara take fitowa, ta arewa maso gabas, ita ce ta hunturu. Ɗayar mai laima ce, daga teku take tasowa, ta kudu maso yamma. Inda suka haɗu ni magama nake ce masa, ma'aikatan meteyo kuwa a takardunsu FIT suke rubutawa. Magamar nan tana bin inda ƙasa ta fi ɗaukar zafi, domin a can iska take yin sama ta bar gurbi, iskokin gefe biyu su taho cikewa. A watan Janairu tana can kusa da bakin teku, wajen digiri 6 arewa da tsakiyar duniya. A watan Agusta takan kai wajen digiri 20, ta wuce Agadas. Damagaram tana kan digiri 13.8, ke nan sau biyu magama take ratsa mu a shekara, da hawa da sauka.

Kayan aiki

- Sanda miƙaƙƙiya, ta ƙarfe ta fi, wadda mita 1 daidai zai rage a sama bayan an kafa ta
- Zare da ɗan dutse, da ƙusa, da rula ko tef na awo
- Dogon gora da ƙyalle marar nauyi mai tsawon kamu guda
- Kofin ƙarfe mai sheƙi, da ƙanƙara kaɗan, da ma'aunin zafi
- Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya
- Kaye guda wanda ba a rubuta komai a ciki sai wannan aiki

Ma'aunin zafin na asibiti ba zai yi ba, domin wajen digiri 35 yake farawa. Ka nemi wanda yake sauka har sifiri, irin na ɗakin gwaji na makaranta ko na masu firij.

1. Kafa sanda ka nemo arewa ta gaskiya

Ka zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe wanda rana take samu tun hantsi har la'asar. Ka kafa sandar, ka rataya zaren da dutsen a jikinta ta gefe biyu don ka tabbata ba ta karkata ba. Da hantsi, wajen ƙarfe 10, ka sa alama a ƙarshen inuwar, sannan ka ɗaura zare a gindin sandar ka zana da'ira da ta bi ta kan alamar. Inuwa za ta yi ta raguwa, ta sake tsawo. Lokacin da ƙarshenta ya sake taɓa da'irar bayan azahar, ka sa alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamun biyu shi ne gabas da yamma, wanda ya gicciye shi ta gindin sandar kuma shi ne kudu da arewa. Ka kafa ƙusa ko ka ja shi da siminti yadda ba zai goge ba.

Kuskuren da kusan kowa yake yi a nan shi ne ɗaukar alƙibla a matsayin gabas. A bakinmu kam gabas muke cewa, amma alƙiblar Damagaram ta karkata wajen arewa da kimanin digiri 19. In ka dogara da bangon masallaci, duk iskar da za ka rubuta shekara guda za ta fito a karkace.

2. Auna inuwar tsakar rana sau ɗaya a mako

Tsakar rana a nan ba ƙarfe 12 ba ce. Agogon Nijar yana bin layin digiri 15 gabas, mu kuwa muna kan digiri 9 gabas, saboda haka rana takan tsaya tsakanin 12:08 da 12:38, gwargwadon wata. Ba sai ka riƙe wannan ba: duk lokacin da inuwar ta hau layin kudu da arewa da ka ja, lokacin ne. Ka auna tsawonta, ka rubuta ko arewa ta nufa ko kudu.

Ga abin da za ka samu da sanda mai mita 1. Wajen 21 ga Disamba inuwa ta fi tsawo, santimita 76, ta nufi arewa. Wajen 21 ga Maris ta koma santimita 25. Wajen 27 ga Afrilu sai ta ɓace ƙarƙashin sandar, kuma a ranakun nan in ka leƙa rijiya da tsakar rana za ka ga haske har kan ruwa. Daga nan inuwa ta juya kudu, ta kai santimita 17 wajen 21 ga Yuni, ta komo, ta sake ɓacewa wajen 16 ga Agusta, ta ci gaba da tsawo wajen arewa har Disamba. Dalilin wannan kai da komo shi ne duniya a karkace take juyawa, da digiri 23.4, shi ya sa inda rana take tsayawa tsaye yake tafiya arewa wata shida, kudu wata shida.

In awonka ya saɓa da waɗannan da fiye da santimita biyu ko uku, kada ka zargi rana. Ko sanda ta karkata, ko ƙasa ba ta shimfiɗu ba, ko awaki sun goga jikinsu. Ni sai da na kewaye tawa da ƙaya.

3. Duba iska safe da yamma

Ka ɗaura ƙyallen a kan goran, ka ɗaga shi ya wuce katanga da soro. Wanda yake zaune cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, inda lunguna suke matse ga kuma manyan duwatsu, ya sani iskar da take shigowa tsakar gidansa ta riga ta kewaya, ba ita ce ta sarari ba. Gara ya kafa nasa a filin makaranta ko a gona.

Ka duba sau biyu, bayan fitowar rana da kuma bayan la'asar. Inda iska ta fito ake rubutawa, ba inda ta nufa ba: in ƙyalle ya miƙe wajen arewa maso gabas, iskar kudu maso yamma ce. Daga Nuwamba zuwa Maris ba za ka ga wani canji ba, gabas da arewa maso gabas ne kullum, da hazo da ƙura. Daga tsakiyar Afrilu ne aikin yake daɗi. Wata safiya za ka tarar ƙyalle ya juya, jiki ya yi nauyi, zufa ta ƙi bushewa, amma kafin la'asar iskar gabas ta komo. Wannan ba kuskuren awo ba ne. Magama tana lilo a cikin kwana guda: da dare iskar laima takan kutso arewa, da rana zafi ya gauraya ta da busasshiyar da take samanta, ta ja baya. Shi ya sa duba ɗaya a yini ba ya isa.

4. Gwajin kofi da ƙanƙara

Ƙyalle yana iya ruɗar ka, domin iska takan kwanta ko ta yi ta juyi. Abin da ba ya ruɗi shi ne yawan laimar da take cikinta. Ka zuba ruwan da ba na randa ba a kofin ƙarfe har rabi, a inuwa, ka sa ma'aunin zafi a ciki. Ka riƙa jefa ƙanƙara ƙanana ɗaya bayan ɗaya kana motsawa, idonka a bayan kofin. Da zarar sheƙin ya dushe, raɓa ta fara kamawa, ka karanta ma'aunin nan take ka rubuta. Wannan adadi shi ne zafin da raɓa take sauka, kuma masu bin magama a Afirka ta Yamma digiri 15 suke ɗauka a matsayin iyaka. In raɓa ta kama a sama da 15, kana cikin iskar teku, magama tana arewa da kai. In sai ƙasa da 15, kana cikin iskar Sahara. A tsakiyar hunturu sau da yawa za ka sauke ruwan har digiri 4 ko 5 kofi yana nan ƙal, a watan Agusta kuwa tun a 21 ko 22 ya jiƙe.

Abu biyu suke ɓata wannan gwaji. Na farko numfashi: yara suna kusantar da fuska, hucin bakinsu ya kama kofin, su ce raɓa ce. Na biyu gaggawa: in ka juye ƙanƙara da yawa lokaci guda, ruwan zai wuce adadin kafin ka gani. Ka maimaita sau biyu ka ɗauki tsakiya.

In babu ƙanƙara ko ma'auni, gidan kansa yana faɗa. Randa da take sanyaya ruwa ƙwarai a watan Maris sai ta rage sanyi, domin ruwan da yake tsattsafowa a jikinta ba ya bushewa da sauri. Gishiri a buɗaɗɗen kwano yana dunƙulewa. Wankin da yake bushewa kafin a gama shanya na ƙarshe sai ya ɗauki lokaci. Leɓe da dunduniya su daina tsagewa. Ba za su ba ka adadi ba, amma za su ba ka mako. Zuwan shamuwa ma ka rubuta shi, da ranar da gawo ya fara zubar da ganye. Tsofaffi da waɗannan suke aiki, kuma ban ga sun yi nisa da kofina ba.

Ranar da za ka rubuta cewa magama ta wuce ita ce farkon kwanaki biyar a jere da safe da yamma duka suka nuna iskar laima. A Damagaram yawanci cikin watan Mayu wannan yake faɗawa, makonni bayan ɓacewar inuwa. Ga amsar tambayar ɗalibina: a Afrilu akwai zafin da zai ɗaga iska sama, amma iskar da ake ɗagawar babu ruwa a cikinta.

5. Auna ruwa, kuma kada ruwan farko ya ruɗe ka

Ka ɗora gwangwanin a kan turke mai tsawon mita guda, nesa da bango da itace da aƙalla ninki biyu na tsawonsu, bakinsa a daidaice. Kowace safiya a lokaci guda ka tsoma rula ka karanta zurfin a milimita, ka zubar. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi. Bokiti ko kwano mai faɗin baki ba za su yi ba, suna ƙara adadi. In rular tana da ɗan sarari kafin sifiri, ka yanke shi ko ka ƙara shi a lissafi. In ruwa ya sauka da rana, ka auna da zarar ya ɗauke, kada zafi ya sha rabonsa.

Nan ne ya kamata ka tsaya ka fahimci abu guda, domin shi ne yake cinye wa mutane iri. Ba a kan magama ruwa yake sauka ba, a bayanta yake. Iskar teku tana shiga ƙarƙashin ta Sahara ne kamar bakin gatari, siririya a gaba, tana kauri wajen kudu. A bakin, kaurinta bai taka kara ya karya ba, kuma busasshiyar iska tana zaune a kanta, gajimare yana tasowa ya narke. Sai magama ta yi gaba da kilomita ɗari biyu, ɗari uku ko fiye, sannan laimar da take kanka ta yi zurfin da za ta ciyar da hadari. Saboda haka a ƙarshen Mayu da farkon Yuni kana iya ganin iska ta juya sarai, hadari ya haɗu, a yi iska da ƙura har gari ya yi duhu, a ƙare da yayyafi. Wajen ƙarshen Yuni ne zirin ruwan mai ƙarfi yake barin bakin teku, ya yi tsalle daga wajen digiri 5 zuwa wajen digiri 10, daga nan ruwanmu yake fara zama. Ko a Agusta tsakiyar zirin yana kudu da mu. Mu a gefensa na arewa muke, shi ya sa rabonmu a shekara bai wuce milimita 400 da wani abu ba, Kano da take kudu da kilomita 200 tana samun kusan ninki biyu.

Wani abu da yake ɗaure wa sabon mai awo kai: ƙyalle yana cewa kudu maso yamma, hadari kuma daga gabas yake tasowa. Duka biyun gaskiya ne. Iskar ƙasa ce take kawo laima daga teku, amma a sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai iska mai ƙarfi da take tafiya daga gabas zuwa yamma, ita take tura hadari. Don haka iskar da ta taso gaban hadari kada ka sa ta a layin iskar yini, ka ba ta nata gurbi.

Ga ƙa'idar da masana noma suka daɗe suna amfani da ita a Nijar don gane farkon damina: bayan 1 ga Mayu, a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa cikin kwana talatin da suka biyo. Sharaɗi na biyu ba a sanin sa sai daga baya, amma kayenka zai taimake ka ka yi hasashe. A ce ranar 24 ga Mayu gwangwani ya ba ka milimita 23. Ka duba baya: kwana shida ke nan da iska ta juya, kuma kofin la'asar yana ba ka 13, 16, 12. Magama tana kanka ke nan, tana lilo, kuma ba abin mamaki ba ne a yi mako biyu ko uku babu ƙari, hatsi ya tsiro ya ƙone. A ce kuma milimita 23 ɗin ranar 28 ga Yuni ta sauka, wata guda da rabi bayan juyawar iska, kofi yana ba ka 19 da 20 safe da yamma, Magariya da Matamai sun riga sun yi shuka. Ruwa iri ɗaya ne a gwangwani, amma na biyun yana da baya. Ba na hana kowa shukar wuri ko binne, mai gona ya fi ni sanin rumbunsa; ni dai in na yi ta farko, ba na zuba duk irin da nake da shi.

6. Ka nemi abokan awo a kudu da arewa

Gida ɗaya yana nuna maka lokacin da abu ya wuce ka ne kawai. In kana son ganin tafiyar da idonka, ka samu mutum a Magariya, kimanin kilomita 90 kudu, da wani a Tanut, kimanin kilomita 130 arewa, in da hali da Kano da Agadas. Kowa ya aiko maka da ranar juyawar iska da ruwan kowane kwana goma ta salula. Ka jera garuruwan a shafi daga ƙasa zuwa sama yadda suke a taswira, watanni kuma daga hagu zuwa dama. Za ka ga damina ta fito kamar tudu: faɗi a Kano, tana tsukewa har ta zama ɗan tsinin Yuli da Agusta a Agadas. Cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da take Yamai da hukumar meteyo ta ƙasa su ma kwana goma goma suke lissafi, don haka in ka bi wannan tsari za ka iya gwada naka da nasu.

Wanda yake da ɗan'uwa a Legas ya tambaye shi cikin Agusta. Zai ce maka ruwa ya ɗan tsagaita, a daidai lokacin da mu muke cikin marka. Zirin ya hauro wajenmu ne ya bar su, kuma zai sake bi ta kansu da komowa, shi ya sa suke da ganiyar ruwa biyu mu muna da ɗaya.

7. Kama komowar

Ka lura rana ta kai iyakarta ta arewa tun 21 ga Yuni, amma magama sai Agusta take kaiwa tata, kamar yadda rairayi ya fi ƙuna bayan azahar ba da tsakar rana ba. Hawan yana ɗaukar wata shida ko bakwai, saukar kuwa ta fi sauri. Komai yana juyewa: ruwa ne yake fara ɗaukewa, yawanci cikin rabin Satumba na biyu, alhali iska tana nan da laimarta. Makonnin nan ne na zafi mai gumi, hatsi yana nuna, hadari yana haɗuwa yana watsewa. Cikin Oktoba kofin la'asar zai fara faɗuwa ƙasa da 15, na safe ya biyo shi bayan ƴan kwanaki, ƙyalle ya koma nuna iskar gabas. Ka rubuta wannan rana da ƙa'idar kwana biyar ɗin nan. Daga nan zirin ya sauka teku, a kudancin Afirka kuma, irin su Zambiya da Malawi, damina ta kama daga Nuwamba zuwa Maris.

A shafin ƙarshe na shekara ka fitar da ranaku shida: ɓacewar inuwa biyu, wucewar magama biyu, ruwan shuka, da ruwan ƙarshe, sannan jimillar milimita. Na inuwa ba za su motsa ba ko ka yi shekara ashirin kana awo, sai dai kwana guda. Sauran huɗun kuwa suna iya gusawa da makonni, domin zafin ruwan teku da yanayin Sahara suna sa zirin ya yi nisa ko ya tsaya kudu, ko ya zo amma hadarinsa ya yi ƙaranci, kamar a farin 1973 da na 1984. Kada ka yanke hukunci da kaye na shekara ɗaya. Sai ka tara uku ko huɗu sannan za ka fara ganin kwana nawa ne a gidanka tsakanin juyawar iska da ruwan da ake shuka da shi.